Tsakanin Yafiya da Sa Hannu: Nazarin Haɗarin Takardar Sulhu ga Ma'aikaci Mai Barin Aiki a Yankin Wurno, Raba da Goronyo

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin takardar sulhu da ake miƙa wa ma'aikaci ya sa wa hannu a lokacin da zai bar aiki bayan saɓani da mai aiki. An dubi al'amarin ta fuskar ma'aikatan yankin Wurno da Raba da Goronyo na gabashin Jihar Sakkwato, waɗanda yawancinsu da Hausa suke ciniki, da Hausa suke sulhu, amma da Ingilishi ake rubuta musu takarda. An dogara ne a kan dokokin ƙwadago na Nijeriya da wasu hukunce-hukuncen kotu da kuma bayanin malaman Malikiyya game da sulhu, sannan aka gina misali guda aka bi shi daki-daki. Maƙalar ta nuna cewa babban haɗarin yana cikin tazarar da ke tsakanin abin da Bahaushe yake nufi idan ya ce "na yafe" da abin da takardar take nufi idan ta ce ya yafe.

Fitilun Kalmomi: sulhu, yafiya, sallama, sa hannu, haƙƙin ma'aikaci

1.0 Gabatarwa

Lahodu gari ne a Ƙaramar Hukumar Wurno, a yankin da rayuwar jama'a ta rataya a kan fadamar Gulbin Rima. Noman rani na shinkafa da albasa da tafarnuwa shi ne ƙashin bayan tattalin arzikin wannan yanki. Kasancewar madatsar ruwa ta Goronyo da ayyukan ban-ruwa na Wurno ya sa 'yan kwangila suna shigowa gyaran hanyoyin ruwa da gina tituna, suna ɗaukar direbobi da masu gadi da leburori da makanikai daga ƙauyukan da ke kewaye. Akwai kuma masu aiki a gidajen mai da injinan casar shinkafa da makarantu masu zaman kansu, a nan gida ko a birnin Sakkwato.

Irin wannan aiki yakan ƙare da saɓani: albashi ya maƙale, ko a zargi ma'aikaci da ɓatan kaya, ko kwangila ta ƙare a sallami mutane ba shiri. A ranar rabuwa sai a ajiye wa ma'aikaci kuɗi a gefe guda, takarda a ɗaya gefen, a ce ba zai ɗauki wannan ba sai ya sa hannu a waccan. Wannan takarda ita ce abin nazari a nan. Tambayoyin da aka bi su ne: me take ɗauke da shi, me ya sa kotu take riƙe mutum da ita, wane haƙƙi ne ba ta iya kashewa, kuma ta yaya za a gane mai cutarwa kafin alƙalami ya taɓa ta?

2.0 Sulhu a Baki da Sulhu a Takarda

A al'adar Hausawa sulhu zama ne. Idan barantaka ko ƙodago ya ƙare da rigima, akan kai magana gaban mai unguwa ko hakimi ko liman ko wani dattijo da ɓangarorin biyu suke jin nauyinsa. Kowa ya faɗi nasa, a ƙididdige abin da ake bi, a roƙi mai haƙƙi ya yi rangwame, shi kuwa ya ce ya yafe saura, a shafa fatiha. Abin lura shi ne, yafiyar tana faɗawa ne a kan abin da aka ambata a zaman, wanda kowa ya ji adadinsa. Ba wanda zai ɗauka cewa wanda ya yafe kuɗin wata guda ya yafe har da raƙumin da bai san ana riƙe masa ba.

Fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne tushen shari'a a ƙasar Sakkwato tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a ribaɗin Wurno, ya tafi a kan wannan fahimta. A babin sulhu na Muhtasar Halil an bambanta sulhun da aka yi a kan wani abu daban da wanda ake da'awa, wanda hukuncinsa hukuncin ciniki ne, da sulhun da aka yi a kan wani yanki na abin da ake da'awa, wanda yake a matsayin kyautar da saura. An kuma bar wa wanda aka zalunta ƙofar warware sulhu idan abokin husuma ya yi musu sannan daga baya ya amsa, ko aka sami shaidun da mai haƙƙi bai san da su ba, ko takardar shaidarsa da ta ɓata ta bayyana. Wato sulhun yana tafiya ne da sani.

Takardar sulhu ta kamfani ba haka aka gina ta ba. Yarjejeniya ce a ƙarƙashin dokar kwangila da Nijeriya ta gada daga Ingila, kuma mai rubuta ta yana rubutawa ne don ya rufe kowace ƙofa. Shi ya sa ake cusa mata kalmomin da ke cewa kuɗin da aka biya shi ne cikakken biya na ƙarshe, kuma ma'aikaci ya saki mai aiki daga duk wata da'awa, wadda ya sani da wadda bai sani ba, ta yanzu da ta nan gaba. Tafinta yakan taƙaita wannan duka da cewa, "An ce kun yafi juna." Fassarar ba ƙarya ba ce, sai dai ta ɗauki kalma mai iyaka ta rufe ma'ana marar iyaka da ita.

Akwai kuma batun wurin shari'a. Tun bayan gyara na uku da aka yi wa Kundin Tsarin Mulki a 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita kaɗai hurumin sauraron shari'o'in aiki da ƙwadago, kuma tana da reshe a Sakkwato. Don haka ma'aikacin da ya yi sulhu da zuciyar Bamalike, idan ya koma neman haƙƙi, da ma'aunin dokar kwangila za a auna takardarsa.

3.0 Misali: Sallamar Direban Tifa

Misalin da ke tafe ƙirƙirarre ne, an gina shi don bayani. A ƙaddara wani mutumin Lahodu ya yi shekara 6 yana tuƙa tifa a wani kamfanin kwangila mai ma'aikata fiye da 50, a kan albashin naira 90,000 a wata. Albashinsa na wata 4 ya maƙale. Da ya matsa da tambaya, sai aka zarge shi da ɓatan man dizal, aka dakatar da shi. Bayan mako biyu aka kira shi ofis, akawu ya ce masa, "Malam, oga ya ce a rabu lafiya. Ga dubu ɗari uku, sa hannu nan ka karɓa." Damina ta ƙarato, ga taki bai saya ba, ga iyali. Ya ce a ransa da babu gara ba daɗi, ya dangwala yatsa.

3.1 Abin da Yake Bi da Abin da Ya Karɓa

Kafin a ce sulhu ya yi kyau ko bai yi ba, sai an san jimlar haƙƙin. Na farko shi ne albashin wata 4, wato naira 360,000. Wannan ba abin jayayya ba ne, guminsa ne da ya riga ya zuba.

Na biyu shi ne kuɗin notis. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara mafi ƙarancin wa'adin sanarwa gwargwadon daɗewa a aiki: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 ga wanda ya yi shekara 2 amma bai kai 5 ba, sai wata 1 ga wanda ya yi shekara 5 ko fiye. Direban ya yi shekara 6, don haka idan kamfani ne ya sallame shi ba tare da sanarwa ba, kuma ba a tabbatar masa da babban laifi ba, yana bin naira 90,000.

Na uku shi ne garatuti. Dokar Ƙwadago ba ta wajabta wa kamfani mai zaman kansa biyan garatuti ba. Yana zama haƙƙi ne idan takardar ɗaukar aiki ko littafin ƙa'idojin ma'aikata ya tanade shi. A ƙaddara littafin wannan kamfani ya yi alkawarin rabin albashin wata a kan kowace shekara ga wanda kamfani ya sallama. Naira 45,000 sau 6 ya ba da naira 270,000.

Na huɗu shi ne fansho. Dokar Garambawul ɗin Fansho ta 2014 ta ɗora wa mai aiki zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma kashi 8, a tura su asusun ma'aikaci cikin kwanakin aiki 7 daga ranar biyan albashi. Idan aka lissafa a kan naira 90,000, kashi 18 ɗin ya kama naira 16,200 a wata. A ƙaddara an yi wata 10 ana cire masa kasonsa ba a turawa, shi bai sani ba domin bai taɓa neman bayanin asusunsa ba. Wannan naira 162,000 ke nan.

Jimla ta tashi naira 882,000. Ya karɓi 300,000, ya bar 582,000. Abin da aka ba shi bai ma kai albashin da ba a musun yana bi ba. Ya gaza da naira 60,000. A zahiri an biya shi wani yanki na kuɗinsa ne, aka karɓi yafiyar saura kyauta.

3.2 Sakin Layi Uku da Suka Yi Ɓarna

Takardar tana da shafi biyu, amma sakin layi uku ne suka yi aikin. Na farko ya ce ma'aikaci ya ajiye aiki bisa raɗin kansa. Da wannan jimla kaɗai kuɗin notis ya faɗi, domin wanda ya tafi da kansa ba ya bin notis, garatutin da aka tanadar wa wanda aka sallama ma ya bi shi. Kotun Ma'aikata ta yarda cewa murabus na dole kora ce a fakaice, kamar yadda ta nuna a shari'ar Ukoji da kamfanin inshora na Standard Alliance a 2014, amma nauyin tabbatar da tilas ɗin yana wuyan ma'aikaci, alhali ga sa hannunsa yana ƙaryata shi.

Na biyu shi ne sakin layin yafiya ta gaba ɗaya da aka ambata a baya. Na uku kuwa ya ce ma'aikaci ya amince an cire kuɗin man da ya ɓata daga haƙƙinsa. Direban ya ɗauka lissafi ne kawai, amma a idon mai karatu amsa laifi ne a rubuce. Takardar za ta iya biyo shi duk inda ya nemi aikin tuƙi, kuma za a iya kafa hujja da ita a kansa idan maganar ta koma hannun 'yan sanda.

4.0 Dalilin da Kotu Take Riƙe Mutum da Sa Hannunsa

Ka'idar asali ita ce baligi mai hankali da ya sa hannu a takarda ya ɗaure kansa da abin da ke ciki, ya karanta ko bai karanta ba. Sashe na 128 na Dokar Shaida ta 2011 ya ƙarfafa wannan, inda ya hana a kawo maganar baka don a sauya ko a ƙara a kan yarjejeniyar da aka rubuta, sai a wasu halaye kamar zamba da tsoratarwa da kuskure. Saboda haka idan akawu ya ce wa direban, "Karɓi wannan tukuna, in an biya kwangila za a cika maka," wannan alkawari ba shi da mazauni muddin takardar ta ce biya na ƙarshe ne.

Karɓar kuɗin ma hujja ce mai zaman kanta. A shari'ar Julius Berger da Nwagwu ta 2006, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tafi a kan cewa ma'aikacin da ya karɓi haƙƙoƙin sallamarsa ba zai dawo yana ƙorafin ba a sallame shi bisa ƙa'ida ba. Wannan ka'ida tana da iyaka. A shari'ar Kantoman Soja na Jihar Binuwai da Ulegede ta 2001, Kotun Ƙoli ta nuna cewa karɓar kuɗi ba ya halatta ritayar da tun asali ta saɓa wa doka. Sai dai wannan sassauci ya fi amfanar ma'aikacin gwamnati wanda doka ce ta tsara aikinsa. Direban kamfani ba ya cikin wannan rukuni.

Duk da haka, direban yana da hujja guda mai ƙarfi. Tsohuwar ka'ida ce a dokar kwangila, wadda Majalisar Dattawan Ingila ta tabbatar a shari'ar Foakes da Beer a 1884, cewa biyan wani yanki na bashin da ba a jayayya a kansa ba ya sauke saura, domin mai bin bashi bai sami komai a madadin abin da ya bari ba. Albashin wata 4 bashi ne tabbatacce. Masu rubuta takardar sulhu sun san da wannan, shi ya sa suke shigo da wata da'awa ta kishiya, kamar kuɗin man dizal, don bashin ya zama abin jayayya, janye zargin kuma ya zama abin da aka ba ma'aikaci a madadin yafiyarsa. A nan ne ake gane amfanin sakin layi na uku ga kamfani.

Game da haƙƙin da mutum bai san da shi ba, shari'ar bankin BCCI da Ali ta 2001 a Ingila ta nuna cewa kotu ba ta saurin ɗauka mutum ya yafe abin da ba zai yiwu ya yi tunaninsa ba a lokacin sa hannu. Hukuncin Ingila ba ya ɗaure kotun Nijeriya, jan hankali kawai yake yi, kuma kariyar da ya bayar siririya ce: ba ta rufe haƙƙin da mutum zai iya ganowa da ya yi tambaya.

5.0 Matsalar Harshe: Wane ne Jahili a Idon Doka?

Wannan ɓangare ya fi kowanne shafar manazarta Hausa. Jihohin Arewa sun gaji Dokar Kare Marasa Ilmin Karatu, wadda ta wajabta wa duk wanda ya rubuta takarda a madadin wanda bai iya karatu ba ya sa sunansa da adireshinsa a kanta. Yin haka shaida ce cewa an karanta wa mutumin takardar, an bayyana masa ita, kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Idan ba a cika wannan ba, marubucin ba zai iya cin moriyar takardar a kan wanda aka rubuta dominsa ba.

Tambayar ita ce, wane ne marar ilmin karatu? A shari'ar kamfanin P.Z. da Gusau da Kantoma, wani ɗan kasuwa ya tsaya wa abokinsa lamuni a takardar Ingilishi, alhali shi da Larabci ya iya karatu da rubutu. Babbar Kotu ta ɗauke shi a matsayin wanda doka ta kare, tun da bai iya harshen takardar ba. Amma a 1962 Kotun Ƙoli ta Tarayya ta juya wannan fahimta, ta ce dokar tana nufin wanda bai iya karatu da kowane harshe ba. Daga baya kotuna, har da Kotun Ƙoli a shari'ar Otitoju da Gwamnan Jihar Ondo a 1994, sun karkata ga ma'anar da ta danganta rashin ilmin da harshen da aka rubuta takardar da shi.

Wannan saɓani ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da makarantar allo ta riga boko da ƙarnoni. Mutumin Lahodu da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta lissafin albasarsa da ajami, malami ne a garinsu, kuma zai ji kunyar a kira shi jahili. Idan aka miƙo masa takarda yakan rattaba sunansa da harufan Larabci cikin ƙwarewa. Wannan kyakkyawan sa hannu shi ne lauyan kamfani zai ɗaga a kotu ya ce mai irin wannan rubutu ba ya buƙatar kariya, kuma wanda ya yi da'awar rashin ilmin karatu shi ne zai kawo shaida.

Akwai giɓi biyu kuma. Na farko, dokar ta keɓe takardun da lauya ya rubuta a bakin aikinsa, kuma takardun sulhu na manyan kamfanoni lauyoyi ne suke tsara su. Na biyu, ko da an rubuta cewa an fassara wa ma'aikaci da Hausa, tafintan yawanci ma'aikacin kamfanin ne, kuma ba a ajiye abin da ya faɗa. Kalmar "sallama" kaɗai tana iya nufin kora, ko izinin tafiya, ko kuɗin da ake ba mai tafiya, ko miƙa wuya. Wanda aka ce wa "takardar sallamarka ce" yana iya fahimtar rasit ne na karɓar kuɗi, alhali takardar tana nufin ya sallama haƙƙinsa.

Wasu ƙasashe sun toshe wannan giɓi da doka. A Birtaniya, sashe na 203 na Dokar Haƙƙoƙin Aiki ta 1996 bai yarda da yafiyar haƙƙin da doka ta bayar ba sai ma'aikaci ya sami shawarar lauya ko wani mashawarci mai zaman kansa. A Amurka, dokar 1990 mai kare ma'aikata masu shekara 40 zuwa sama ta ba su kwana 21 na nazari da kwana 7 na janyewa bayan sa hannu. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ba ta gindaya irin waɗannan sharuɗɗa ba.

6.0 Abin da Takarda Ba Ta Iya Kashewa

Ba kowane haƙƙi ne sa hannu yake shafewa ba. A ƙaddara direban ya taɓa karyewa a hannu a bakin aiki wata 5 kafin rabuwar. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta haramta wa ma'aikaci ya yi yarjejeniya da mai aiki a kan yafe diyyar da dokar ta ba shi, kuma ta ce duk irin wannan yarjejeniya ɓatacciya ce. Hukumar NSITF ce take biyan diyyar daga asusun da masu aiki suke zuba wa kuɗi. Haɗarin a nan shi ne lokaci: ana so a shigar da buƙata cikin shekara 1 daga ranar rauni, sai da uzuri na musamman ake karɓa har zuwa shekara 3. Ma'aikacin da ya gaskata cewa ya riga ya yafe komai yakan zauna har wa'adin ya wuce. Takardar ba ta kashe haƙƙin ba, amma ta kashe niyyar nemansa.

Haka ma kuɗin fansho. Tura shi wajibi ne da doka ta ɗora, da tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 a kowane wata ba a kan abin da aka riƙe, kuma Hukumar Fansho ta Ƙasa tana da ikon bin sa. Yarjejeniyar mutum biyu ba ta ɗaure hukumar da ba ta cikinta. Don haka naira 162,000 ɗin direban tana da hanyar dawowa ko da sauran sun tafi.

Sauran haƙƙoƙin kuwa sai an rushe takardar kanta, ta hanyar tabbatar da tilas ko yaudara ko zamba. Talauci da matsin damina kaɗai ba su cika zama tilas a shari'a ba. Ana neman matsin da bai halatta ba daga ɓangaren mai aiki, kamar barazanar kulle mutum idan bai sa hannu ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin kwangila kawai, saboda haka takardar da aka sa wa hannu a caji ofis tana da rauni. Amma wanda aka tilasta dole ne ya yi saurin nuna rashin amincewa. Idan ya kashe kuɗin, ya yi shiru wata da watanni, kotu tana iya ɗauka ya tabbatar da yarjejeniyar da halinsa. Idan kuwa sulhun a gaban kotu aka yi shi har alƙali ya mayar da shi hukunci, warware shi ya fi wuya, domin sai an shigar da sabuwar ƙara a kan zamba ko kuskure.

7.0 Alamomin Takarda Mai Cutarwa da Matakan Kariya

Daga misalin za a iya fitar da alamomi huɗu. Takarda mai cutarwa takan ambaci dunƙulallen kuɗi ba tare da rarrabe na albashi da na notis da na garatuti ba. Takan kira rabuwar murabus alhali kora ce. Takan haɗa biyan albashin da aka riga aka yi wa aiki da sharaɗin sa hannu. Sannan akan hana ma'aikaci fita da ita ko ɗaukar hotonta, a ce tayin na yau ne kawai.

Matakin farko na kariya shi ne lissafi kafin zama: ma'aikaci ya tattara takardar ɗaukar aiki, wadda sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba shi cikin wata 3 da fara aiki, da saƙonnin banki na albashi, da bayanin asusun fansho. Na biyu, ya nemi kwafin takardar ya kai wa wanda ba ya cin albashin kamfanin, ko lauya, ko jami'in ƙungiyar ƙwadago, ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ko na Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke Sakkwato. Na uku, ya raba rasit da yafiya: idan dole ta sa ya karɓi wani abu, ya rubuta kusa da sa hannunsa, ko da Hausar boko ko da ajami, cewa ya karɓi wannan adadi a matsayin wani ɓangare na haƙƙinsa kuma yana bin saura, sannan ya riƙe kwafi. Na huɗu, idan biyan kashi-kashi ne, a rubuta ranaku, a kuma rubuta cewa yafiyar ba ta fara aiki sai kashi na ƙarshe ya shiga hannu. In ba haka ba, ya sayar da tabbataccen haƙƙi da sabon alkawari.

Wannan ba ya nufin sulhu abin gudu ne. Shari'a tana cin lokaci da kuɗin mota daga Wurno zuwa Sakkwato, ɗan kwangila kuma yana iya naɗe kayansa ya bar jiha kafin a yanke hukunci. Da direban ya san yana bin naira 882,000, ya zaɓi karɓar 650,000 a hannu tare da wasiƙar shaidar aiki mai tsabta da janye zargi a rubuce, da wannan ciniki ne na mai ido buɗe. Kotun Ma'aikata ma tana da cibiyar sasanci da ta kafa a 2015, inda ake yin irin wannan zama a gaban mai shiga tsakani wanda ba na kowa ba.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa sulhun Bahaushe da na fiƙihun Malikiyya yafiya ce a kan abin da aka sani aka ƙididdige, ita kuwa takardar kamfani yafiya ce a kan komai, kuma ita kotu take karantawa. An ga yadda jimla guda ta murabus ta kashe notis da garatuti, yadda amincewa da cire kuɗin mai ta zama amsa laifi, da yadda diyyar rauni da kuɗin fansho suke tsira daga takardar amma wa'adi yana iya cinye na farkon. An kuma ga cewa mai ilmin ajami yana tsaye a wuri mai santsi a gaban dokar da aka yi don kare shi.

A nan akwai aikin da ya rataya a wuyan masana Hausa. Ana buƙatar daidaitattun kalmomi da za su raba rasit da yafiya, su raba kora da murabus, su raba yafe abu ambatacce da yafe komai, domin kalmar "sallama" ta daina ɗaukar ma'anoni huɗu a takarda ɗaya. Ana kuma buƙatar samfurin takardar sulhu da Hausa, a boko da ajami, wadda za a liƙa wa ta Ingilishi, ɓangarorin biyu su sa wa hannu, ta yadda abin da tafinta ya faɗa a ofis zai zama abin da alƙali zai iya karantawa a kotu.